Mai rubutu ke shan wahalar, mai tsokaci ya kwashe dariyar

Kwanakin baya wani matashi daga cikin masu wa'azin neman kuɗi a X ya rubuta cewa duk namijin da ya kai shekara 25 bai mallaki gidan kansa ba, to ya zauna ya binciki rayuwarsa. Ya haɗa da hotonsa jingine da mota a ƙofar wani gida mai farin get. Na gani da safe, na ja tsaki, na wuce. Ban ga abin dariya ba, takaici kawai na ji.

Da yamma rubutun ya sake dawo mini, wannan karon ta hannun wani da ya ɗauko shi ya ɗora kalma uku: "A gaida Alhaji." Sai da na ajiye wayar don dariya. Rubutun bai canza ba, ko harafi ɗaya ba a taɓa ba, hoton ma shi ne dai na safe. To daga ina dariyar ta fito?

Ra'ayina shi ne, rubutun da aka ɗauko aka yi masa ba'a ya fi na asali ban dariya da gaske, ba wai mugunta ce kawai ke ruɗar mu ba. Amma ban yarda gwanintar duk ta mai ba'ar ba ce. Mafi yawan aikin mai rubutun farko ne ya yi shi, da hannunsa, da zuciya ɗaya, bai ma san yana yi ba. Mai tsokaci ya zo ne ya tarar an gama komai, saura mutum ɗaya ya nuna da yatsa.

Abin dariya rabi biyu ne

Kowane barkwanci yana da shimfiɗa, yana kuma da inda ake kayar da mai sauraro. Shimfiɗar ce ke sa ka hango inda maganar ta dosa, sannan a juya ka ta wata hanya da ba ka zata ba, amma da ka isa sai ka ga ashe ta fi dacewa. Wahalar mai barkwanci ba a juyin take ba, a shimfiɗar take. Da zarar mutum ya ce "bari in ba ku wani labari," kowa ya gyara zama, ya san za a yi masa dabara, ya fara neman inda za a ɓullo. Rabin mamakin ya riga ya tafi.

Matashin mai farin get bai da wannan matsalar. Shi ba barkwanci yake yi ba. Da gaske yake, ya yarda da abin da ya rubuta, ya zaɓi hoton da ya fi so. Babu ɗan kama komai gwanintarsa da zai iya ƙirƙiro shimfiɗa mai kyan wannan, domin ita ba ƙirƙira ba ce.

Dubi kuma abin da "A gaida Alhaji" ta yi. Ba ta ce ƙarya yake yi ba. Ba ta ce gidan na mahaifinsa ne ba, ba ta ce ɗan gata ne da bai taɓa biyan kuɗin haya ba. Gaisuwa ce ta ladabi wadda za ka iya faɗa a gaban surukinka. Kai mai karatu ne za ka koma kan hoton, ka dubi get ɗin, ka dubi shekarun yaron, ka haɗa lissafin da kanka. Wannan ɗan daƙiƙa da ka yi kana haɗawa, a nan dariyar take. Ka ji kamar kai ka gano, alhali an ajiye maka ne a hanya.

Shi ya sa idan tsokacin ya yi tsawo sai abin ya mutu. A ce ya rubuta, "Kai da mahaifinka ya saya maka gida za ka zo kana yi wa talakawa gori, ba ka san halin da ƙasa ke ciki ba," to gaskiya ya faɗa, wataƙila ma mutane su yi ta tura masa alamar yabo, amma ba wanda zai yi dariya. Ya yi wa mai karatu aikinsa, ya bar shi ba abin yi. Wancan martani ne, wannan ba'a ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce adadin kalmomin da aka bari ba a faɗa ba.

Ai da ma rubutun abin dariya ne

Wani abokina da muka yi gardamar nan da shi cewa ya yi, "Malam, kai dai ka cika son dogon bayani. Shirmen da ma yana nan, wancan ya riga ka gani ne kawai."

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. Shirmen yana nan tun safe, na kuma gan shi. Abin da babu shi ne abokin gani. Lokacin da na karanta rubutun ni kaɗai, da ni yake magana, ni ake ce wa in binciki rayuwata. Wanda ake yi wa gori ba ya dariya. Da aka ɗauko shi aka sa a cikin ɗan akwati, sai matsayina ya canza: na tashi daga wanda ake yi wa magana na koma ɗan kallo, ga kuma wani a gefena yana kallon abin da nake kallo. Kamar a majalisa ne, wani yana ta cika baki kowa ya yi shiru, sai ka ɗaga kai ku haɗa ido da abokinka. Ba wanda ya ce uffan, amma daga nan riƙe dariya ya zama aiki.

Masana sun auna wannan. Robert Provine, wani masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya bi diddigin yadda mutane ke dariya a rayuwarsu ta yau da kullum, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 idan yana tare da wasu a kan idan yana shi kaɗai. Ya kuma lura cewa yawancin maganganun da ake yi wa dariya a hira ba barkwanci ba ne ko kaɗan, maganganu ne na yau da gobe. Wato dariya saƙo ce tsakanin mutane kafin ta zama hukunci a kan magana. Waya kuwa kowa shi kaɗai yake riƙe da tasa. Mai tsokaci shi ne yake kawo maka mutum na biyu.

To me ya hana ya ba shi amsa a ƙasa kawai?

Wannan tambayar ta fi ta farko nauyi, domin kalma ukun nan za a iya rubuta su a wurin amsa. Amma gwada ka gani, ba za su yi armashi ɗaya ba.

Amsa a ƙarƙashin rubutu shiga gidan mutum ce. Mabiyansa ne a wurin, su ne suka yarda da shi tun farko, kai baƙo ne, kuma da shi kake magana. Ɗauko rubutu kuwa fito da mutum ne zuwa gaban naka jama'ar. Ba da shi kake magana ba, a kansa kake magana, yana tsaye a wurin. Kalmomin da ya tsara don masu tafa masa, yanzu ga su a gaban waɗanda ba su san shi ba, ba su kuma da dalilin yi masa uzuri. Maganar da ta dace da ɗaki ɗaya takan zama abin dariya a wani ɗakin ba tare da an canza ta ba.

Sannan ga shaida. Idan na ba ka labari cewa wani ya faɗi shirme kaza, za ka ɗan rage, ka ce na ƙara gishiri. A nan babu gishirin da za a ƙara: ga sunansa, ga hotonsa, ga ranar, ga kalmominsa da kurakuran rubutunsa. Kafin Afrilun 2015, lokacin da Twitter, wato X ta yanzu, ta fito da Quote, maɓallin ɗauko rubutu tare da sharhi, sai dai mutum ya kwafo maganar da hannu ya sa RT a gabanta don nuna maganar wani ce, ya matse nasa sharhin a ragowar haruffa 140. Ana iya yanke maganar, ana iya gyara ta, mai karatu kuma ya san haka. Sabon maɓallin ya ajiye rubutun asali cikakke a akwatinsa, ya ba mai sharhi haruffa 116 nasa na kansa. Tun daga nan ba'ar ta samu abin da ba ta da shi a da, wato wanda ake yi wa ita yana tsaye yana ba da shaida a kan kansa.

Akwai wani ɗan bambanci da ba a cika lura da shi ba. A WhatsApp, idan aka ɗauki hoton rubutu aka sa magana a ƙasa, ko aka ja saƙo aka ba shi amsa a guruf, asalin ne a sama, ba'ar a ƙasa. Ido yana bin tsarin barkwanci na gargajiya, shimfiɗa sannan kayarwa. A X da Facebook kuwa sharhin ne a sama. Sai ka fara karanta "A gaida Alhaji" ba ka san wane Alhaji ba, ka sauko cikin akwatin neman amsa, rubutun asalin ya zama shi ne kayarwar. Ni na fi son na ƙasan, don ya fi ba mai karatu damar ya fara yarda da maganar kafin a janye masa tabarma. Amma na saman yana da nasa sharrin: tun kafin ka karanta mutumin an riga an gaya maka da wace murya za ka karanta shi.

Wata goma sha ɗaya ana jiran rana

Misalin da ya fi fito da duk wannan a fili ya faru ne tsakanin Donald Trump da Greta Thunberg, 'yar ƙasar Sweden mai fafutukar sauyin yanayi.

A Disambar 2019 mujallar Time ta zaɓi Greta gwarzuwar shekara, tana da shekara 16. Trump, yana shugaban Amurka, ya ɗauko rubutun wata da ta taya ta murna ya ɗora nasa. Ya ce abin shirme ne, ya kamata Greta ta nemi maganin fushin da ke damunta, sannan ta samu ƙawa su je kallon fim irin na da, ya rufe da cewa ta kwantar da hankalinta. Magoya bayansa sun ji daɗi, amma a ma'aunin barkwanci abin bai yi nisa ba. Dattijo ne mai shekara 73, mai mulkin ƙasa mafi ƙarfi, yake tsokanar yarinya. Rubutun da ya ɗauko kuma taya murna ce kawai, babu cika baki a ciki, babu abin da za a fasa.

Ranar 5 ga Nuwamban 2020, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'un zaɓen da ya kara da Joe Biden, alƙaluma sun fara juya masa baya, Trump ya rubuta da manyan baƙaƙe: STOP THE COUNT! Wato a dakatar da ƙidaya. Greta ta ɗauko wannan rubutun ta mayar masa da kalmominsa na bara ɗaya bayan ɗaya: abin shirme ne, ya kamata Donald ya nemi maganin fushinsa, ya samu aboki su je kallon fim, ya kwantar da hankalinsa. Sunan kawai ta canza. Sama da mutum miliyan ɗaya suka danna mata alamar so.

A lura da abin da ta ƙirƙira a nan: babu. Akwatin na ƙasa nasa ne, kalmomin na sama ma nasa ne. Abin da ta kawo shi ne lokaci. Ta jira ranar da mutumin da ya ce mata tana da fushi ya fito yana ihu da manyan baƙaƙe a gaban duniya, sai ta ajiye maganganunsa biyu kusa da juna ta koma gefe. Da ta rubuta wannan a watan Maris ba tare da akwatin ba, da an ce yarinya ta riƙe abu a rai. Rubutun Trump shi kaɗai kuma ba abin dariya ba ne a ranar, abin tsoro ne ga Amurkawa da yawa. Haɗuwar biyun ce ta haifi abin da babu shi a kowannensu.

Masana harshe biyu, Dan Sperber da Deirdre Wilson, sun yi bayani tun 1981 cewa gatse a asalinsa maimaita maganar wani ne tare da nuna cewa kai ba ka tare da ita. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Yaro ya ce "zan gaya wa Baba," 'yar'uwarsa ta lanƙwashe murya ta ce "zan gaya wa Baba," ya fashe da kuka, alhali ba ta ƙara komai ba. Maɓallin Quote wannan lanƙwasa muryar ce aka mayar da ita na'ura.

Kwatanta tsokacin 2019 da na 2020 kuma yana nuna wani sharaɗi. Kalmomi ɗaya ne, maɓalli ɗaya ne, amma ɗaya ya faɗi ɗaya ya tashi. Ba'a tana son tudu. Tana son wanda ya hau sama da kansa, da mulki ko da kuɗi ko da cika baki, domin faɗowar ce ake kallo. Wanda yake ƙasa da ma ba inda zai faɗo.

Amma ai wannan cin mutunci ne

Nan ne ba zan iya kare abin gaba ɗaya ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta ce mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri. Cewa abu yana da ban dariya bai sa ya halatta ba, kuma ni bayanin dalilin dariyar nake yi, ba fatawa nake bayarwa ba.

Masu kare abin sukan ce ai mu da ma mutanen wasa ne, ga Kanawa da Zage-zagi, ga Fulani da Barebari, ga taubasai, ga jika da kaka. Gaskiya ne, har hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin al'adun gado na duniya a 2014. Sai dai wancan wasan yana da doka. An san wa ke wasa da wa, ana yi ido da ido, kuma wanda aka tsokana yana da haƙƙin ramawa nan take a gaban mutanen da suka ji tsokanar. Mai mabiya dubu ɗari da ya ɗauko rubutun wata baiwar Allah mai mabiya tamanin, don ta yi kuskuren Turanci ko ta sa hoton girkin da bai yi kyau ba, ba taubashinta ba ne. Idan ta rama, mutum tamanin ne za su ji. Kafin dare kuma baƙi sun cika mata shafi, wasu har da binciko unguwarsu.

Kuma duk abin da na lissafa a sama a matsayin ƙarfin ba'ar, shi ne dai haɗarinta. Akwatin da ke zama shaida yana nuna rubutu ɗaya ne tak. Idan mutum ya yi jerin rubutu bakwai, aka ɗauko na huɗu, ba za ka ga na uku da ya yi sharaɗi ba, ba za ka ga na biyar da ya warware ba. Sau da yawa ma mai rubutun farko shi ne yake gatse, mai tsokacin ne bai gane ba, ya ɗauko ya yi masa ba'a, dubban mutane suka bi shi. Hanyar ganewa ba ta da wuya: ka taɓa akwatin ka shiga, ka karanta abin da ke sama da ƙasa, ka duba ranar da aka rubuta. Idan dariyar ta tsira bayan haka, ta gaske ce. Matsalar ita ce ba mai son ya duba, don kowa ya san dubawar na iya ɓata masa nishaɗi.

Hoton rubutu da ake yaɗawa a WhatsApp ya fi muni ta wannan fuskar, tunda shi ba a taɓa shi a shiga ko'ina, kuma ƙirƙirar na bogi aikin minti biyu ne.

Masu gina dandalin sun san da haka

A Oktoban 2020, gab da zaɓen Amurka, Twitter ta gwada tura duk mai son yaɗa rubutu zuwa wurin sharhi tukuna, da fatan mutane za su tsaya su yi tunani. A Disamba ta janye tsarin. Ta ce kashi 45 cikin ɗari na sharhunan kalma ɗaya ce kawai, kashi 70 kuma ba su kai haruffa 25 ba. An buɗe wa mutane fili su yi bayani, suka ƙi. Ba duka ba'a ba ce, da yawa amincewa ce kawai, amma ya nuna yadda ake amfani da wurin: ba a zuwa don a tattauna da mai rubutu, ana zuwa ne a nuna wa jama'a shi.

Eugen Rochko, wanda ya kafa dandalin Mastodon, ya ƙi saka wannan maɓallin tun 2018, bisa hujjar cewa yana sa mutum ya riƙa yi wa 'yan kallonsa wasa maimakon ya yi magana da wanda ke gabansa. Sai a 2025 Mastodon ta saka shi, tare da ba mai rubutu ikon zaɓar wanda zai iya ɗauko masa magana. Bluesky kuma tun Agustan 2024 ta ba mutum damar cire rubutunsa daga ƙarƙashin sharhin wani.

Wannan ikon cirewar na fi goyon baya a kan hana maɓallin ɗungurungum, domin yana taɓa abin a daidai inda ƙarfinsa yake. An ma ga gwajinsa ba da niyya ba. Da Twitter ta rufe shafin Trump a Janairun 2021, rubuce-rubucensa suka ɓace daga duk akwatunan da aka saka su, har zuwa Nuwamban 2022 da aka dawo masa da shafin. Kusan shekara biyu, duk wanda ya buɗe tsokacin Greta abin da zai gani shi ne wata matashiya tana ce wa wani Donald ya je kallon fim, a ƙasa kuma sanarwa cewa babu rubutun.